Kundin bitar tsofaffin tambayoyin dokar laifuka

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Saura mako shida jarrabawa. Na yanke shawara a wannan zangon ba zan sake yin irin karatun bara ba, inda nakan kwana ina haddace littafi, in shiga zauren jarrabawa in ga tambaya kamar daga sama ta faɗo. Yau na je wajen masu hoton takardu na bakin Kongo, harabar jami'ar ABU da ke Zariya, na haɗo tsofaffin tambayoyin dokar laifuka, na ƙara da waɗanda wani ɗan aji biyar ya ba ni a cikin tsohon fayil ɗinsa. Da na ware masu maimaici da waɗanda tawada ta cinye, takardun zama takwas suka rage mini. Kowace tana da tambaya shida, ke nan tambaya 48.

Tsarin takardar da za mu zauna shi ne awa uku, a amsa huɗu daga cikin shida. Jarrabawar da Turanci ake yi, amma a nan da Hausa zan riƙa rubuta abin da na gano, don sai na iya faɗin abu da harshen gida nake tabbatar na fahimce shi.

Talata, 7 ga Janairu

Na tsaga takardar kwali na ja layi. Shekaru a sama, batutuwa a gefe: ginshiƙan laifi, haɗin baki, yunƙurin laifi, sata da fashi, kisan kai, kariyoyi irin su taɓin hankali, maye, kare kai, da tunzurawa. Duk tambayar da na karanta sai in ɗiga mata alama a gidanta.

Kisan kai ya fito a takarda bakwai cikin takwas. Wannan bai ba ni mamaki ba. Tunzurawa kuwa alama ɗaya tak ta samu, don sau ɗaya na ga an rubuta kalmar ƙarara an ce a yi bayaninta. Har na sa ta a jerin abubuwan da zan leƙa a daren ƙarshe in lokaci ya rage.

Lahadi, 12 ga Janairu

Allon nan na ranar Talata ƙarya ya yi mini, kuma ni na koya masa ƙaryar.

Yau muka zauna mu uku a ɗakina a Gyallesu, ni da abokin zamana da wata 'yar ajinmu. Ta ɗauki takarda ɗaya ta karanta tambayar kisan kai da ƙarfi, a hankali, sai ta tsaya a tsakiya ta ce, "Malam, don me aka gaya mana cewa ya koma gida ya ci tuwo kafin ya ɗauko adda?" Na ce ai labari ne. Ta ce mai tambaya ba ya ɓata tawada a kan tuwo. Tuwon nan an sa shi ne don a nuna lokaci ya wuce tsakanin zagin da sarar, kuma wucewar lokaci ba ta da amfani a wace magana in ba a tunzurawa ba.

Muka sake bin tambayoyin kisan kai guda bakwai da wannan idon. Biyar daga ciki tunzurawa ce ƙashin bayansu, ba tare da an ambaci sunanta ba. A ɗaya an mari mutum a kasuwa. A wata miji ya dawo daga tafiya ya tarar da abin da ya tarar. A wata an yi wa mutum gori a gaban surukansa. Ni kuwa duk na jefa su a gidan kisan kai na wuce, saboda na ga gawa a ƙarshen labarin.

Ashe tambayoyin iri biyu ne, kuma ba a ƙirga su da mudu ɗaya. Akwai wadda ke cewa ka tattauna kaza, ita kan ta a waje yake, kana gani ka san gidanta. Akwai ta labari, inda ake ba ka abin da ya faru a ce ka ba wa wane shawara ko ka faɗi matsayinsa a doka. Ita wannan batunta a binne yake cikin ƙananan bayanai: ƙarfe nawa, da wane makami, sara nawa, a wane sashe na jiki, wa ya fara. Na yage kwalin na sake sabo. Yanzu gidajen gefe ba sunayen babi ba ne, ƙulli ne: an samu tazarar hucewa ko ba a samu ba, ramuwar ta yi daidai da tsokanar ko ta zarce, wanda aka kashe shi ne ya yi tsokanar ko wani ne.

Alhamis, 16 ga Janairu

Wata matsala ta daban, gara in rubuta ta kafin in manta. Tsohuwar tambaya tana zuwa da tsohuwar doka, musamman in ka samu amsar da wani ya rubuta a bayanta. A bayan ɗaya daga cikin takardun fayil ɗin nan an rubuta cewa nauyin tabbatar da laifi ba tare da shakka ba yana sashe na 138 na dokar shaida. Haka yake a tsohuwar. A dokar shaida ta 2011 ya koma sashe na 135. Da na haddace wancan da na shiga da shi da ƙarfin gwiwata.

Haka Final Kod, wato kundin dokar laifuka. Wadda muke karantawa a aji ita ce ta Arewa da aka kafa a 1959 ta fara aiki a 1960, inda kisan kai mai hukuncin kisa yake sashe na 221. Amma Jihar Kaduna ta yi sabuwar tata a 2017, lambobi suka motsa, wannan laifin ya koma sashe na 190. A amsata zan tsaya kan lambobin da aka koyar da mu, in tambayar ta ce abin a Kaduna ya faru in ƙara jimla ɗaya ta nuna na san da sabuwar.

Sai kuma abin dubawa na farko a kowace tambayar labari, wato garin da abin ya faru. In an ce Zariya ko Funtuwa, Final Kod ce. In an ce Enugu, Kiriminal Kod ce, can kuma kisan gilla sashe na 316 ne, tunzurawa kuma 318 tare da 283. Cikin tambayoyin nan biyar, biyu a Kudu aka ajiye labarinsu. Wanda ya amsa su da sashe na 222, inda tunzurawa take a Final Kod, ya yi sallah babu alwala.

Lahadi, 19 ga Janairu

Gwaji na farko da agogo. Lissafin shi ne: minti 180, a cire 10 na karanta takarda da zaɓen tambaya, a cire 10 na dubawa a ƙarshe, saura 160, kowace tambaya minti 40.

Na haɗa tambaya ɗaya da kaina daga ƙullin da ke maimaituwa, na sa abokin zamana ya gyara ta yadda ba zan san duk abin da ke ciki ba. Ga ta a taƙaice. Wani mai shayi a Tudun Wada yana bin wani ɗan acaba bashin naira dubu uku. Bayan magariba ya tambaye shi kuɗin a gaban jama'a. Ɗan acaban ya kwaɗa masa mari, ya zagi mahaifiyarsa, mutane suka yi dariya. Mai shayi bai ce komai ba, ya rufe teburinsa ya tafi gida. Wajen ƙarfe tara da rabi ya dawo da adda a cikin riga, ya samu ɗan acaban yana zaune a kan babur, ya sare shi sau huɗu a wuya da kai. Nan take ya cika. A ba mai shayi shawara.

Na san wannan amsar. Wallahi na san ta. Amma da ƙararrawar waya ta kaɗa a minti na 40, ban ko taɓa mai shayi ba. Shafi biyu da rabi na cika da ma'anar kisan kai, tarihin Final Kod, bambancin Arewa da Kudu, da jerin sassa bakwai na 222 ɗaya bayan ɗaya, har da na macen da ta kashe jaririnta, wanda babu abin da ya haɗa shi da shayi. Na ƙara minti 25 kafin na kai ƙarshe. A zaure wannan na nufin tambaya ta huɗu ba za ta ga alƙalamina ba, kwata guda na maki ya tafi a banza.

Laraba, 22 ga Janairu

Na auna hannuna, abin da ban taɓa yi ba tun firamare. Na kwafi rubutu daga littafi na minti goma ba tsayawa, ya ba ni shafi ɗaya, kalma wajen 200. Wannan kwafi ne, ba tunani. Ke nan in na ware minti biyar na tsara amsa da biyar na rufewa, abin da zan iya zubawa a minti talatin ɗin tsakiya bai wuce kalma 500 ba in ina tunani. Duk ilimin da ke kaina ta wannan ƙaramar ƙofa zai fita. Sakin layi guda na tarihi ya ci kalma ɗari, kashi ɗaya cikin biyar ke nan.

Sanyin hunturu ma yana da nasa hannun. Da asuba yatsuna ba sa lanƙwasuwa da sauri, kuma takardarmu ta safe ce, don haka na mayar da gwajin zuwa ƙarfe takwas na safe maimakon dare.

Asabar, 25 ga Janairu

Na ɗauki hoton amsar ranar Lahadi na tura wa yayata da ke aikin lauya a Kaduna. Da yamma ta kira. Ta ce, "Ƙanena, ka rubuta mini lacca. Ni na tambaye ka za a rataye mutumin nan ko ba za a rataye shi ba." Na ce, "Yaya, ai sai na kafa harsashi." Ta ce harsashin da ya cinye kuɗin bulo ba gida ba ne.

Ta sa na ɗauko biro ja, ta ce duk jimlar da ta ambaci mai shayi, ko mari, ko adda, ko ƙarfe tara da rabi, in ja mata layi. A shafi huɗu jimla shida kacal suka samu layi, duk a can ƙarshe. Ta ce wannan shi ne awon. Amsar tambayar labari in ba rabinta ne ja ba, mutum bai amsa ba, ya dai nuna ya halarci aji. Tsarin da ake koya mana mai suna IRAC kowa ya san shi: ka fito da batu, ka kawo doka, ka ɗora dokar a kan labarin, ka yanke matsaya. Mu ɗalibai mun iya na biyu, don shi ake haddacewa. Na ukun kuwa ba ya haddatuwa tunda labarin sabo ne kullum, kuma a nan mai maki yake bambance wanda ya gane da wanda ya haɗiye.

Ga yadda muka sake gina amsar a waya, ni ina rubutawa tana tare ni.

Batu biyu ne. Na farko, shin abin da mai shayi ya yi ya cika kisan kai mai hukuncin kisa a sashe na 221? Na biyu, in ya cika, shin tunzurawa a 222(1) za ta sauko da shi? Jimla biyu, an wuce.

A na farko mai gabatar da ƙara zai tabbatar da abu uku ba tare da shakka ba: mutum ya mutu, aikin wanda ake tuhuma ne ya kashe shi, kuma ya yi da niyyar kisa ko yana sane, ko yana da dalilin sanin, cewa mutuwa ce sakamakon da aka fi zato. Biyun farko labarin ya ba da su kyauta, tunda nan take ya cika, don haka ba a ɓata musu fiye da layi biyu. Na ukun shi ne ake ɗan tsayawa. Sashe na 19 ya raba tsakanin sakamakon da in ya faru ba zai ba mai hankali mamaki ba, da sakamakon da mai hankali zai ɗauka shi ne abin da aikin ya saba haifarwa. Na biyun nan 221 ke nema. Adda, a wuya da kai, har sau huɗu, babu mai hankalin da zai ce mutuwa ba ita ce abin da hakan ya saba haifarwa ba. Yaya ta ce in lura yadda makami da gurbin sara da yawan sara suka yi aikin, ba wani dogon bayani kan niyya ba.

A na biyu, 222(1) tana son tsokana mai tsanani kuma ta ba-zata, wadda ta raba mutum da ikon mallakar kansa, ya yi kisan yana cikin wannan halin. Kotu kuma takan duba ko ramuwar tana da dangantaka da girman tsokanar, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tsaya a kai a shari'ar Obaji ta 1965. Sai a bi su ɗaya ɗaya da labarin a hannu. Tsanani: mari da zagin uwa a bainar jama'a, a auna shi da mutum mai hankali na irin matsayin mai shayi da al'ummarsa, ba baƙon da bai san nauyin zagin uwa a ƙasar Hausa ba. Shari'ar Adekanmi ta 1944 ta nuna ana duba matsayin rayuwar wanda ake tuhuma, kuma baƙar magana kaɗai tana iya zama tunzurawa. Wannan gaɓar mai shayi yana da ita. Ba-zata: ita ma akwai, a lokacin marin. Inda ya faɗi shi ne abin da ya biyo baya. Daga magariba zuwa tara da rabi kusan awa uku ne. Ya rufe tebur, aikin da ke son natsuwa. Ya taka zuwa gida, ya zaɓi makami, ya ɓoye shi a riga. Ɓoyewar nan ta fi komai cutar da shi, domin wanda hankalinsa ya gushe ba ya tunanin kada a gani. A shari'ar Green ta 1955 mutumin ya tarar da matarsa da wani da misalin tara na dare, ya koma gida yana ta saƙe-saƙe, ya dawo da adda wajen ɗaya na dare, kotu ta ce ya samu lokacin hucewa. Sannan ko da babu tazara, sara huɗu a wuya a kan mari ɗaya ya yi nisa.

Matsaya: tunzurawa da wuya ta tsaya, mai yiwuwa a same shi da laifi a 221. Da ta tsaya ma ba sallama za a yi masa ba, laifin ne zai sauko zuwa wanda ba na kisa ba, hukuncinsa a 224, ɗaurin da zai iya kaiwa rai da rai. Yaya ta ce wannan jimlar kada in taɓa barinta, don ɗalibai da yawa suna rubuta cewa a sake shi.

Na ƙirga abin da muka rubuta. Kalma 470.

Laraba, 29 ga Janairu

Dabarar da ta fi yi mini amfani zuwa yanzu: tambaya ɗaya, a sauya bayani ɗaya, a sake amsawa. Tunda malamai ba sa maimaita labari, ƙullin suke juyawa, gara in koyi juyin da kaina.

Juyi na farko, mai shayi bai je gida ba. Wuƙar yanka burodi tana hannunsa lokacin marin, ya soka sau ɗaya nan take. Tazara ta tafi, zaɓen makami ya tafi, sai gardamar ko wuƙa a kan mari ta yi yawa. A nan tunzurawa tana da ƙafafu, kuma amsa mai kyau za ta nuna ɓangarorin biyu kafin ta karkata. Juyi na biyu, bayan marin suka kaure da kokawa, cikin faɗan mai shayi ya rarumi benci ya buga masa. Wannan ya buɗe 222(4), faɗan ba-zata cikin zafin rai ba tare da shiri ba, muddin bai ci zalin abokin faɗan da wata dama ta daban ba ko ya yi abin rashin imani. A wannan sashen ba a damu da wa ya fara ba. Juyi na uku, ya kai wa ɗan acaba sara nan take, ya goce, ta samu wani mai shan shayi. Ita 222(1) da kanta ta rufe wanda aka kashe bisa kuskure ko tsautsayi, abin da na sha karantawa ban lura ba sai da tambaya ta tilasta ni. Juyi na huɗu, mai shayi ne ya je ya tsokano shi da gangan don ya samu hujjar sara. Sashe na 38 ya toshe wannan ƙofa.

Waɗannan ba na rubuta su cikakku. Minti biyar kowanne, tsari kawai a gefen takarda: batu, sashe, bayanan labarin da zan ɗora, matsaya. A awa ɗaya ina yin juyi takwas, alhali cikakkiyar amsa ɗaya da rabi zan yi a wannan lokacin.

Juma'a, 31 ga Janairu

Bayan masallaci na biya cikin birni na gaida Kawu, wanda ya yi aikin magatakardan kotu har ya yi ritaya. Da ya ji abin da nake karantawa sai ya gyara zama ya ce, "Ɗana, kun san Tsofo Gubba?" Na ce na ga sunan. Ya ba ni labarin yadda kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa mutumin hukuncin kisa bisa fiƙihun Malikiyya, wanda bai ɗauki tunzurawa a matsayin abin da ke rage kisan ganganci ba, sai kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin a 1947, saboda a Kiriminal Kod abin da ya yi bai kai na kisa ba. Ya ce irin wannan karo tsakanin dokokin biyu yana cikin abin da ya kai ga yin Final Kod gab da samun 'yancin kai.

Na ji daɗin hirar ƙwarai, har na rubuta ta a bayan littafi. Amma na san wurinta. In tambayar tattaunawa ce kan asalin Final Kod, Gubba zinariya ne. In tambayar mai shayi ce, shi ne irin abin da ya cinye mini minti 25.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Cikakken zama na farko, awa uku, mu uku, wayoyi a cikin kwano a ƙofar ɗaki. Muka ɗauki takardar da muka ajiye tun farko ba wanda ya karanta ta da kyau. Da na san haka da biyu na ajiye, don takardar da ka riga ka tattauna ba ta gwada komai sai tunawa.

Tambaya ta farko ta ci minti 48, ta biyu 44, ta uku 41, ta huɗu ta samu 27 da hannu mai rawa. Na gama dai, amma ta huɗun babu matsaya. Laifin na ta farko ne: ita na fi sani, sai na kasa sakinta. Muka yi musayar takardu muka ja jan layi. Abin da na gani a takardar abokin zamana shi ne makin da za a iya ba shi kusan duk yana shafi biyun farko na kowace amsa, shafi na uku maimaici ne da wasu kalmomi. Tawa ma haka. Minti takwas ɗin da na ƙara wa ta farko da wuya su ƙara maki ɗaya, a ta huɗu kuwa da sun sayi ɗorawa da matsaya gaba ɗaya.

Doka daga yau: ina shiga in rubuta lokutan tashi a saman takardar tambaya. In an fara ƙarfe 9:00, to 9:10, 9:50, 10:30, 11:10, 11:50. Lokaci na cika in bar layi biyar fari in tsallaka, ko a tsakiyar jimla nake.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mun ɗan yi sa-in-sa da abokin zamana. Shi yana so ya ajiye haɗin baki da yunƙurin laifi gaba ɗaya, wai allo ya nuna sau biyu biyu suka fito. Ni ban yarda ba. Takarda takwas ba su da yawan da za a gina annabci a kansu, kuma ba lallai wanda ya fitar da na shekarun baya shi zai fitar da ta bana ba. Ga kuma lissafi mai sauƙi: huɗu za a amsa cikin shida, biyu kawai mutum ke da ikon tsallakewa. In ka zubar da batu uku suka fito tare, ka shiga uku tun kafin ka buɗe biro. Ballantana tambayar labari ba ta zama a babi ɗaya. A cikin biyar ɗin nan na tunzurawa, ɗaya tana da aboki da ya riƙe wanda aka sara, wato sashe na 79 na niyyar tarayya ya shigo ta taga.

Abin da allon ya ba ni shi ne rabon lokaci. Kisan kai da kariyoyinsa suna samun cikakkiyar amsa da agogo. Masu fitowa jifa-jifa suna samun tsarin minti biyar. Na kuma haɗa allon da littafin laccar bana, duk inda malam ya daɗe a aji na ƙara masa nauyi ko da tsofaffin takardu ba su damu da shi ba. Maye, misali, sau ɗaya ya fito a takwas, amma bana an yi mako biyu a kansa.

Shi dai ya ce zai duba yunƙuri, haɗin baki kuwa sai Allah.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Zama na biyu na awa uku, da tambayoyin da muka haɗa wa juna tunda sababbin takardu sun ƙare. Lokuta: 41, 40, 42, 37. Duk huɗun suna da matsaya. Jan layi ya kai rabi a uku, a ta taɓin hankali bai kai ba, don na sake zamewa cikin bayanin sashe na 51 na manta da mutumin da ke labarin har shafi na biyu. Sunayen shari'u biyu sun ɓace mini a tsakiyar rubutu, na rubuta abin da ya faru a cikinsu da abin da kotu ta ce na wuce, kamar yadda Yaya ta ce in yi maimakon in zauna ina cizon biro ko in laƙa sunan da ba shi ba.

Takardar ranar Litinin ce. Gobe juyi shida kan taɓin hankali da maye, minti biyar biyar. Asabar cikakkiyar amsa ɗaya kan haɗin baki, zan ja abokin zamana ya zauna ko yana so ko ba ya so. Biro biyu na saya irin wanda na yi gwaji da shi, da batirin agogon hannu, tunda ba a shiga da waya.